Ruwa Ya Tsaya a Gangar Injin Wanki: Abin da Za Ka Duba Kafin Ka Kira Mai Gyara

Injin wanki ba ya cika lalacewa gaba ɗaya a rana guda. Idan ya tsaya da ruwa a ciki, kaya sun jiƙe, ƙofa ta ƙi buɗuwa, abin da ke fara zuwa ran mai shi shi ne wani babban abu ya ƙone. Yawanci ba haka ba ne. Ruwan da ke cikin ganga hanya ɗaya tak gare shi ta fita, kuma hanyar gajera ce. Wanda ya san yadda take zai iya binta daga farko zuwa ƙarshe, ya gano inda ta toshe, ba tare da ya kwance bayan injin ko ya taɓa wayar lantarki ba.

Ga yadda hanyar take a injin mai ƙofa ta gaba. Gangar ƙarfen nan mai ƙananan huji, wadda kake zuba kaya a ciki, tana zaune ne a cikin wata babbar ganga da ba ka gani, kuma ita ce ke riƙe ruwan. A ƙasan babbar gangar akwai wani kakkauran tiyo na roba da ke gangarowa zuwa filta. Daga filta ruwa ya shiga wani ɗan ƙaramin famfo mai farfela, farfelar ta tura shi cikin dogon tiyon da ke fita ta bayan injin, shi kuma ya zuba shi a bututun magudanar gida. Wurare biyar ke nan: tiyon ƙasa, filta, famfo, tiyon baya, sai magudana. Famfon kansa ba wani mai ƙarfi ba ne, abin da yake ja bai cika wuce wat 30 zuwa 40 ba. Shi ya sa tsabar kuɗi guda ɗaya ko ɗan zaren roba na ɗaure gashi ke iya tsayar da shi cak.

Akwai kuma abu na shida, wanda ba ya kan hanyar ruwa amma shi ke yanke hukunci: na'urar da ke auna yawan ruwa. Wani siririn tiyo ne mai iska a ciki ya tashi daga ƙasan ganga zuwa sama. Idan ruwa ya hau, yakan matse iskar, na'urar ta gane akwai ruwa. Muddin ta ce akwai ruwa, injin ba zai yarda ya yi juyin matse kaya da gudu ba, kuma ba zai saki makullin ƙofa ba. Don haka rashin fitar ruwa, rashin matsa, da kullewar ƙofa, sau da yawa matsala ɗaya ce ta fito da fuska uku.

Tabbatar tukuna cewa matsala ce

Kafin ka durƙusa a gaban injin, dubi allonsa. Injuna da yawa suna da wani zaɓi da ake rubutawa Rinse Hold, wanda aikinsa shi ne ya bar kaya a cikin ruwan ɗauraya na ƙarshe don kada su yamutse kafin a zo kwashewa. Hannu na iya taɓa shi bisa kuskure, ko yaro ya danna. Haka ma idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar wanki, wasu injunan kan ci gaba da kansu idan ta dawo, wasu kuwa sai an sake danna musu. Kashe injin, cire filogi na minti biyu ko uku, mayar, sannan ka zaɓi shirin Drain ko Spin, wato zubar da ruwa ko matse kaya, ko Drain & Spin, gwargwadon abin da aka rubuta a naka.

Idan akwai lamba a allo, rubuta ta a takarda kafin ka kashe. A injunan LG, OE na nufin ruwa bai fita a kan lokaci ba. A Samsung, 5E ne ko 5C. A Bosch, E18 ko F18. A Electrolux, Zanussi da AEG, E20. Waɗannan lambobin ba sa cewa famfo ya mutu. Abin da suke cewa kawai shi ne injin ya kunna famfo, ya jira wasu mintuna, ruwan bai sauka ba. Inda matsalar take, kai ne za ka nemo.

Ka kuma bambance abu biyu da ake yawan haɗawa. Idan ka leƙa ta gilashi babu ruwa a kwance amma kaya sun fito sharkaf, wannan ba rashin fitar ruwa ba ne, rashin matsa ne. Yakan faru idan kaya sun dunƙule a gefe ɗaya, kamar bargo guda mai nauyi, injin ya ƙi yin gudu don kada ya yi ta dukan jikinsa. Lambarsa ma daban ce, UE a LG. Maganinsa a warware kayan a sake gwadawa.

Kunne ne ke nuna inda za ka fara

Wannan shi ne matakin da na fi ba muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Da zarar ka danna Drain, ka sunkuya kusa da ƙasan injin ta gaba, ka yi shiru ka saurara na rabin minti. Abin da za ka ji ɗaya ne cikin huɗu.

Na farko, gunji mai zurfi, marar canzawa, ba tare da motsin ruwa ba. Wannan yana nufin wuta tana isa famfo, yana son juyawa, amma wani abu ya riƙe farfelar. Labari ne mai daɗi, domin mafi yawan lokuta abin yana cikin filta, inda hannunka zai kai. Sai dai kada ka bar shi yana wannan gunjin ka yi ta sake dannawa. Famfon da aka riƙe zafi yake ɗauka, kuma ta haka ne ƙaramar toshewa ke komawa famfo ƙonanne.

Na biyu, ƙarar juyawa ta yau da kullum, famfo na gudu lafiya, amma ruwa ba ya raguwa ko yana raguwa a hankali ƙwarai. Nan farfela na juyawa, hanya ce ta toshe, ko kafin famfo ko bayansa. Zai iya zama filta ya cika da gashin tufafi, ko tiyon baya ya lanƙwashe, ko magudanar gida ce ta ƙi karɓa. Zai kuma iya yiwuwa farfelar ta rabu da sandar da ke juya ta, mota na gudu ita tana tsaye.

Na uku, ƙarar kwaram-kwaram kamar tsakuwa a gwangwani. Wani abu mai tauri ne ke bugun farfela, kamar maɓalli, fil, ko sukurun da ya fito daga aljihu.

Na huɗu, shiru. Ka ji ɗan "kat" daga sama, sannan babu komai a ƙasa. Wannan ne ya fi kusa da aikin mai gyara, domin ko wuta ba ta isa famfon, ko wayar cikinsa ta tsinke. Duk da haka ka buɗe filtar, saboda dole ne a zubar da ruwan ko ta wane hali, kuma wasu famfunan kan yanke kansu idan sun yi zafi, su dawo aiki bayan sun huce.

Zubar da ruwan ba tare da an cika ɗaki ba

Cire filogi daga soket. Ba kashewa ta maɓalli kawai ba, cirewa gaba ɗaya, da busasshen hannu, kafin ɗigo ɗaya ya taɓa ƙasa. Idan wankin na ruwan zafi ne, digiri 60 ko 90, ka ba shi awa guda ya huce. Ruwan digiri 60 yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma fuskarka da hannunka za su kasance dab da inda zai fito.

Akwai tarko ɗaya a nan. Wasu makullan ƙofa da zafi suke aiki, don haka minti biyu bayan cire wuta sukan saki kansu ko da ruwa na ciki. Kada jin sautin sakin ya sa ka ja ƙofar. Idan ruwa ya kai gindin gilashi, buɗewa na nufin ya kwarara ƙasa lokaci guda. Haka kuma idan ta ƙi buɗuwa, kada ka ja da ƙarfi. Mariƙin roba ne, karyewa zai yi, ka ƙara wa kanka gyara na biyu.

A ƙasan injin ta gaba, yawanci ɓangaren dama, akwai ƙaramin murfi. Wasu da yatsa ake buɗe shi, wasu sai an sa bakin cokali ko sukudireba mai faɗi. A bayansa za ka ga babban marfi zagayayye, shi ne kan filtar. A injuna da yawa, kusa da shi akwai siririn tiyo mai toshi a baki. Wannan tiyon don irin wannan ranar aka sa shi. Jawo shi waje, ka sa faranti mai faɗi marar zurfi a ƙarƙashi, ka cire toshin. Idan farantin ya cika, mayar da toshi, juye a bokiti, ka sake. Aikin na buƙatar haƙuri, domin ganga mai ƙofa ta gaba na iya riƙe lita 10 zuwa 20, tiyon kuwa bai fi kaurin yatsa ba. Ka shimfiɗa tsofaffin tawul tun kafin ka fara.

Idan naka ba shi da wannan siririn tiyon, da marfin filtar za ka riƙa sakin ruwan kana tsayar da shi. Juya shi hagu kaɗan, kamar kwata na zagaye, har ruwa ya fara zubowa, ka bar shi a nan. Faranti ya cika, ka mayar dama. Kada ka kwance shi gaba ɗaya sai ruwan ya ƙare, domin da zarar ya fita daga zarensa, ba za ka iya mayar da shi ba yayin da ruwa ke tunkuɗo shi.

Hanya ta uku ita ce sauko da tiyon baya ƙasa, a sa bakinsa a faranti ko a kai shi magudanar da ke daidai da ƙasa, ruwa ya bi gangare da kansa. Tana aiki a wasu injunan, amma a wasu an ɗaure tiyon a sama ta cikin jikin injin, don haka ba zai zubo ba. Idan ta yi aiki, ta ma ba ka amsa kyauta: ruwa ya zubo da ƙarfi, to hanya a buɗe take, laifin na famfo ne ko magudana. Ya fito ɗis-ɗis, akwai toshewa a ciki.

Filta da farfela

Ruwa ya ƙare, sai ka kwance marfin ka zaro filtar. Ɗan ruwa zai biyo shi, wannan ba komai ba ne, domin kullum akwai ragowar da ke kwance a ƙasa. Abin da ake samu a wurin bai cika canzawa ba: tsabar kuɗi, fil ɗin gashi, maɓallai, tsinken sakace, guntun takarda da ya narke, ƙaramar safar yaro, da dunƙulen gashin tufafi da sabulu ya manne. Wanke filtar da tsohon burushin haƙori.

Idan marfin ya juya kaɗan ya tsaya, kada ka kama shi da filaya ka murɗe da ƙarfi. Yawanci wani dogon abu ne, kamar ƙarfen rigar mama ko fil, ya gitta tsakanin filtar da jikin gidanta. Juya shi gaba da baya a hankali, ka ɗan girgiza. Idan ya ƙi, tsaya nan. Gidan famfon roba ne, idan ya tsage ko zarensa ya lalace sai an canza shi dungurungum.

Mutane da yawa suna wanke filta su mayar, su ga babu canji, su ce sun duba. Ba su gama ba. Ɗauki tocila ka haska cikin ramin da filtar ta fito. A can ciki za ka hango farfela, ƙarama, mai fukafukai kaɗan. Sa yatsa ko bayan fensir ka juya ta. Farfela mai lafiya ba ta juyawa sumul, tana tafiya ne da ɗan tsalle, ta ɗan ƙi sannan ta fizga gaba. Maganaɗisun cikin motar ne ke sa haka, kuma alama ce mai kyau, kada ka ɗauka ta lalace. Idan ta ƙi motsi sam, duba gindinta, domin zare, gashi ko roba kan nannaɗe sandar ta bayan fukafukan, inda ido ba ya saurin gani. Ɗan ƙugiyar waya ko hantsaki zai jawo shi. Idan kuwa tana juyawa fayau babu wata turjiya, ko tana rawa gefe da gefe, ko fiffike ɗaya ya karye, to famfon ya gama aiki, sai sabo.

Kafin ka rufe, zagaya yatsa a bangon ramin. Akwai ƙofar da ruwa ke shigowa daga ganga, akwai wadda yake fita. Tsabar kuɗi na son maƙalewa a waɗannan ƙofofin, kuma tana da wata muguwar ɗabi'a: idan ta tsaya a kaikaice ruwa ya wuce, idan ta juya ta kwanta ta rufe hanya. Wannan ne bayanin injin da yau ya fitar da ruwa, gobe ya ƙi, jibi ya sake yi.

Goge robar da ke zagaye da marfin, ka tabbatar babu yashi ko gashi a kanta, ka mayar da filtar a miƙe, ka ɗaure da hannu har ta tsaya. Mayar da toshin siririn tiyo. Sannan ka kunna gajeren shiri, kamar Rinse, ba tare da kaya ba, ka tsaya kana kallon marfin ko yana ɗiga. Famfo mai lafiya kan kwashe ganga cikin minti ɗaya zuwa biyu.

Tiyon baya da magudanar gida

Jawo injin gaba kaɗan. Yana da nauyi, mai ƙofa ta gaba kan kai kilo 60 zuwa 80 saboda siminti da aka ɗaura masa don ya zauna daram, don haka a yi shi bayan an zubar da ruwa, kuma mutum biyu. Bi tiyon da hannu daga inda ya fito har bakinsa. Kana neman inda ya lanƙwashe, ko ya matse tsakanin injin da bango, ko ƙafar injin ta taka shi. Idan matsalar ta fara ne bayan an tura injin baya wajen share wuri ko an sauya masa mazauni, nan za ka fara dubawa tun kafin filta.

Tsayi ma yana da ƙa'ida. Yawancin masu ƙera injunan da ke da famfo suna so bakin tiyo ya kasance tsakanin santimita 60 zuwa 100 daga ƙasa, kuma ainihin adadin naka yana cikin littafin injin. Idan ya wuce haka, ɗan famfon ba zai iya ɗaga ruwan ba, ko ya ɗaga rabi ragowar ya komo. Haka idan an yi wa tiyon ƙari mai tsawo. Idan an zura shi cikin bututu a tsaye, kada ya shiga fiye da kimanin santimita 15, kuma kada a naɗe bakin da leda ko salatif har iska ta kasa shiga. Wannan ratar ta iska ce ke hana ruwan datti tsotsowa baya.

Gwajin da ke raba gardama shi ne na bokiti. Cire bakin tiyon daga magudana, ka riƙe shi a cikin babban bokiti, ka bar injin ya ɗebi ruwa kaɗan, sannan ka danna Drain. Riƙe shi da kyau, domin yakan fizga. Idan ruwa ya fito da ƙarfi, injinka lafiya lau yake, bututun gidan ne ya toshe, kuma mai aikin famfo za ka nema, ba mai gyaran injin ba. Wannan gwajin na minti biyar kan hana a kira wanda aikin ba nasa ba ne.

Inda aka haɗa tiyon da bututun da ke ƙarƙashin wurin wanke kwanuka, akwai ɗan hancin roba da tiyon ke hawa. Wurin siriri ne, maiƙon kwanuka da gashin tufafi kan haɗu su toshe shi. Idan kuma sabon haɗi ne kuma injin bai taɓa fitar da ruwa ba ko sau ɗaya, duba cikin hancin. Sabo yakan zo a rufe, da toshi ko da bakin da ake yankewa, kuma ana mantawa da shi fiye da yadda za a zata.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

Mu ɗauki injin mai ƙofa ta gaba, mai ɗaukar kilo 7. An zuba kayan yara a shirin digiri 40. Ya yi wanki, ya zo zubar da ruwan sabulu, ya tsaya, allo ya nuna OE, ruwa na leƙowa a gindin gilashi. An kashe, an kunna, an danna Drain, sai gunji babu motsin ruwa. Tun daga nan an san abu biyu: wuta na isa famfo, kuma an riƙe farfela. Babu dalilin jawo injin daga bango tukuna.

An cire filogi, an zubar da ruwa ta siririn tiyo, ya cika bokiti guda da ɗoriya. A cikin filta an samu tsabar kuɗi biyu da dunƙulen gashin tufafi. Mai gaggawa zai ce ga ɓarawon nan, ya rufe. Amma tsabar da ke kwance a filta ba ta bayyana gunjin, domin aikin filtar ke nan, ta kama su kafin su kai farfela. An haska tocila, an taɓa farfela, ta ƙi motsi. A gindinta ga zaren roba na ɗaure gashi ya nannaɗe. An jawo shi, farfela ta koma juyawa da tsallenta.

An rufe, an gwada da Rinse. Gunji ya tafi, famfo na gudu, ruwa na sauka, amma a hankali, har ya ɗauki kusan minti shida, kuma ana jin ruwa na ɓulɓulowa a wurin wanke kwanuka. Sautin ya koma iri na biyu, wato akwai saura a gaba. Gwajin bokiti ya nuna ruwa na fitowa da ƙarfi. Aka cire tiyon daga hancin bututu, aka tarar maiƙo ya rufe fiye da rabinsa. Matsala biyu ce ke nan, ɗaya ta daɗe tana taruwa, ɗaya ta faɗo a rana guda. Da an tsaya a filta, da lambar ta dawo bayan 'yan wanki, a ce famfo ne ya gaji.

Kumfa

Idan ka leƙa ka ga kumfa ta cika gilashi, wataƙila babu abin da ya toshe. An yi farfela don tura ruwa, a cikin kumfa kuwa juyawa kawai take yi a banza. Kumfar kan kuma ruɗi na'urar auna ruwa, ta ce ganga a cike take. Wasu injunan kan rubuta Sud a allo su dakata. Dalili shi ne yawan sabulu, ko amfani da garin wankin hannu a injin mai ƙofa ta gaba, wanda ke buƙatar sabulu marar kumfa sosai. Bar shi rabin awa kumfar ta kwanta, ka yi ɗauraya ɗaya ko biyu babu sabulu.

Injunan da ake buɗewa ta sama

Da yawa daga cikin waɗannan, musamman masu ganga biyu, ba su da famfo kwata-kwata. Bawul ne kawai a ƙasa, a buɗe shi ruwa ya gangara da nauyinsa. Ƙa'idarsu kishiyar wadda ta gabata ce: dole tiyo ya kwanta a ƙasa, ya fi gindin injin sauka, babu inda ya hau tudu. Idan an manta shi a rataye a ƙugiyarsa ta gefe, ko an ɗora shi a kan bakin dakali, ruwa ba zai fita ba, kuma babu abin da ya lalace. A mai ganga biyu, maɓallin da ake murɗawa zuwa Drain yana jan wata igiya ce da ke ɗaga robar bawul. Idan ka murɗa ka ji shi sakwaf babu nauyi, igiyar ta tsinke ko ta zame. Idan da nauyinsa amma ruwa na fita kaɗan-kaɗan, wani abu ya maƙale a bawul ɗin. A masu aiki da kansu kuma, akwai makunni a murfi, kuma wasu ba sa ci gaba zuwa matsa idan bai gane murfin ya rufu ba. Rufe shi da kyau, ka duba ko ɗan harshen da ke danna makunnin ya karye.

Inda aikinka ya ƙare

Kada ka zuba sinadarin buɗe magudana a cikin ganga. Ba ya narkar da tsabar kuɗi ko safa, yana cin robobi, kuma zai zauna a cikin ruwan da wani zai sa hannu daga baya. Kada kuma ka kwance murfin baya ko na sama idan injin na ƙarƙashin garanti. Buɗe filta aikin mai injin ne da littafin ya yarda da shi, kwance jiki kuwa ba ya ciki.

Kira mai gyara idan famfo ya yi shiru bayan ya huce kuma filta a tsabtace take, ko farfela ta karye ko tana rawa, ko marfin filta ya ƙi fita. Haka idan ka buɗe filta ruwa ya ƙi zubowa alhali ganga a cike take, domin wannan na nuna toshewar tana cikin kakkauran tiyon ƙasa, inda safa ke son tsayawa, kuma sai an shiga cikin injin. Haka ma idan ganga ta bushe ƙarƙaf amma injin na ci gaba da kunna famfo ya ƙi sakin ƙofa, wanda ke nuna siririn tiyon auna ruwa ya toshe da daskararren sabulu. Idan ka ji ƙaurin waya, ko wutar gida na faɗuwa duk lokacin da injin ya zo zubar da ruwa, cire filogi kada ka sake gwadawa.

Idan za ka kira shi, ka faɗa masa sunan injin da lambar samfurinsa, wadda ke kan takardar da aka manna a bakin ƙofa ko a baya, da lambar da allo ya nuna, da irin sautin da ka ji, da abin da ka gani a farfela, da sakamakon gwajin bokiti. Da waɗannan zai iya tahowa da famfon da ya dace da injinka tun a zuwan farko. Kafin ya iso, kwashe kayan ka matse su da hannu, ka bar ƙofar a buɗe don ganga ta sha iska, ka rufe famfon da ke kawo wa injin ruwa.